Na ɗauka ya sallama, ashe fushi ya yi: cinikin wake ta waya tsakanin Mile 12 da Dawanau

Mai Wake na Mile 12:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don abin ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Shekara tara ina sayar da wake a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma duk tsawon lokacin nan mutum ɗaya ne yake yi min lodi daga Dawanau. Allah ya yi masa rasuwa bayan ƙaramar salla. Maƙwabcina a kasuwa ya ba ni lambar wani mai sito, ya ce mutumin kirki ne, sun daɗe tare. Ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai san fuskata ba.

Ranar Litinin na tura masa saƙo a WhatsApp: "Salam. Farin wake manya, buhu 120. Nawa?" Ya amsa da doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da kasuwa, sannan ya ce: "Dubu 98 ne har wajenka." Lokacin ina cikin danfo, cunkoso ya riƙe mu a Ojota, hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe. Na rubuta: "90 zan biya." Alamar nan biyu ta koma shuɗiya nan take, amma bai ce uffan ba sai bayan isha'i, ya rubuto: "To. Allah ya sa albarka."

Ni dai na ɗauka ya sallama. Washegari na ba direba dubu 60 kafin alƙalami ya ajiye min wuri a motarsa, na kuma yi wa masu abinci uku alkawarin kaya. Ranar Laraba na ce ya turo lambar asusu, sai ya ce: "Kaya sun tafi." Yanzu maƙwabcina yana gaya min mutumin ya ce na raina masa hankali. Ina kuskuren yake? Kuma ko da mun shirya, ta yaya zan tura wa wanda ban taɓa gani ba sama da miliyan 11?

Yaron Shago, Alaba Rago:
Wa alaikumus salam. Yaya ka gode wa Allah, 419 ne. Duk wanda ya ce kaya sun tafi so yake ka ruɗe ka yi saurin tura kuɗi. Toshe lambar kawai.

Uwar Biyu, Balogun:
Haba ƙanena, ka karanta da kyau mana. Mutumin da aka roƙa lambar asusu ya ƙi bayarwa shi ne ɗan damfara? Ai ɗan damfara kafin ka rufe baki ya turo lamba uku.

Mai Wake, ni abin da na gani shi ne gaisuwa. Mutum ya tambaye ka iyali, ya tambaye ka kasuwa, kai kuma ka jefa masa kalma uku. Da a bakin sitonsa kake, za ka yi haka? Ni atamfa da leshi nake saro daga Kantin Kwari, kuma na daina rubutu gaba ɗaya. Saƙon murya kawai. Idan mutum ya ji muryarka ya san ba da faɗa ka zo ba.

Alhajin Agege:
Salamu alaikum. Allah ya jiƙan mai gidanka na Dawanau, ya sa ya huta. Kafin na ce komai, ɗana, ina da tambaya ɗaya. Da ya ce "har wajenka", me ka fahimta? Kuma 90 ɗin da ka taya, a ina za a ba ka kayan, a bakin sito ko a Mile 12?

Mai Wake na Mile 12:
Amin Baba. Na fahimci yana nufin ko ni ma da aka haɗa mu ta hannun abokinsa, 98 ne, babu ragi. Gaskiya hakan ya ɗan sosa min rai, shi ya sa na gajarta. 90 ɗin kuwa a bakin sito ne, kamar yadda muka saba da marigayi. Ni nake biyan mota, dubu 7 kowane buhu a wannan karon.

Alhajin Agege:
To ga inda gizo ke saƙar. Ni a karatuna, "har wajenka" na nufin har a sauke maka a Mile 12, kuɗin mota a kansa. Ɗauki alƙalami mu lissafa. Shi ya ce 98 a Legas. Kai ka ce 90 a Dawanau, ka ɗora 7 na mota, ya zama 97 a Legas. Tsakaninku dubu ɗaya ne a buhu, wato dubu 120 a kan kayan gaba ɗaya. Wannan ai ba ya hana ciniki, ana raba shi biyu a sha shayi.

Amma duba abin da shi ya gani a wayarsa. Ya ce 98 har Legas, baƙo ya ce 90, bai yi sallama ba, bai ce don Allah ba. A lissafinsa 90 ɗin har Legas ne, in ya cire mota saura 83. Ya ga an zabge masa dubu 8 a kowane buhu, dubu 960 ke nan. Idan a nan kusa ya sayo wajen manoma, tayin ya ci uwar kuɗi. Sai ya ce wannan ko bai san kasuwa ba ko ya raina ni.

Sai maganar "To. Allah ya sa albarka." Ka san a kasuwa in ka taya aka ce maka "albarka", an ƙi tayinka ne. In kuma ciniki ya faɗa, ana cewa "Allah ya sa albarka" a tafa hannu. Kalma ɗaya ce, murya da fuska ke rarrabe su. "To" kanta iri nawa ce a bakin Bahaushe? Akwai ta yarda, gajeriya. Akwai wadda ake ja, mai nufin na ji amma ban gamsu ba. Akwai ta sallamar baƙo, wato tashi ka ba ni wuri. A rubuce duk haruffa biyu ne. Mutumin nan ya yi maka kara ne, ya rufe maganar da addu'a don kada ya ce maka ba zan sayar ba. Kai kuma ka karanta abin da kake son ji.

Shekaru sama da talatin ina harkar hatsi tsakanin Arewa da Ikko, tun ana ba direba wasiƙa ya kai. Abin da na riƙe shi ne, ciniki bai faɗa ba sai mai kaya ya ce "na sallama" ko "na sayar", kuma an ambaci adadi da farashi da wurin saukewa a jere. "To", "ba damuwa", "sai mun yi magana", "Allah ya nuna mana", babu ɗaya a cikinsu da zan ba direba ko sisi a kansa.

Mai Wake na Mile 12:
Innalillahi. Wallahi Baba sai yanzu na koma na sake karantawa. Ko kusa ban kawo kuɗin mota a cikin 98 ɗin ba.

Malama ta Yaba:
Alhaji ya gama magana a kan lissafi. Ina so na ƙara abu ɗaya don kada Mai Wake ya ga kamar shi kaɗai ne. Ina koyar da harkar kasuwanci, kuma akwai wani gwaji da nake yawan ba ɗalibaina labarinsa. A 2005 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Kruger da Epley da abokan aikinsu, sun sa mutane su aika jimloli, wasu da gaske wasu da gatse. Masu aikawa sun yi zaton za a gane nufinsu kusan sau takwas cikin goma. Waɗanda suka karɓa a rubuce ta imel sun gane daidai a abin da ya ɗan haura rabi kawai, kusan kamar canki-canka. Waɗanda suka ji da murya sun gane kusan kashi uku cikin huɗu.

Dalilin shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a cikin kansa lokacin da yake rubutawa. Kai da ka rubuta "90 zan biya" ka ji ta da muryar mai neman ragi a cikin danfo. Shi kuma ya karanta ta da muryar da ya ga dama, kuma wanda bai san ka ba yakan zaɓi mafi kaushi. Shirun da ya yi daga rana zuwa isha'i ma saƙo ne. Idan tayi ya tafi, an karanta, aka yi sa'o'i babu amsa daga mutumin da ɗazu yake amsawa cikin minti biyu, alama ce ta a ɗaga waya a kira, kada a ƙara wani rubutun.

Uwar Biyu, Balogun:
Kun ji ko? Abin da na faɗa ke nan. Murya ita ce magani.

Ɗan Apapa:
Hajiya, rabin maganin ce. Ni aikin fitar da kaya nake a tashar Apapa da Tin Can, kullum cikin imel da mutanen da ban taɓa gani ba nake. Saƙon murya yana gyara zuciya amma yana ɓata lissafi. "Sha tara" da "tasa'in" ba sa rikicewa, amma mutum yana magana a tsakiyar kasuwa, janareto na ruri, ya ce "tara da biyar", dubu 95 yake nufi ko dubu 9,500 na mota? Bayan wata biyu in rigima ta tashi, za ki zauna ki saurari saƙo arba'in kina neman inda ya ambaci nauyin buhu. Ko da a ce Mai Wake ya yi saƙon murya ranar Litinin, zai iya yin gaisuwa mai daɗi kuma har yanzu bai ambaci wurin saukewa ba.

Yadda nake yi, gaisuwa da ja-in-ja da ban haƙuri duk a kira. Da an ajiye waya, cikin minti biyar, sai na rubuta abin da aka tsaya a kai a saƙo guda, na ce ya amsa. Na Mai Wake zai zama kamar haka:

"Alhaji, kamar yadda muka yi magana yanzu: farin wake manya, sabon girbi, gyararre, buhu 120, kowane buhu kilo 100 a sikeli. Farashi naira 97,500 kowane buhu, a sauke a Mile 12, kuɗin mota da lodi a kanka, kuɗin 'yan dako na saukewa a kaina. Lodi ranar Asabar. In haka ne, ka rubuto min 'na sallama a kan haka'."

Ka lura na rubuta naira 97,500 cikakke, ban ce 97 da rabi ba. Kuma kada ka karɓi hoton babban yatsa a matsayin amsa. Wani yana nufin na yarda, wani yana nufin na gani.

Uwar Biyu, Balogun:
To ai wasu daga cikin masu ba ni kaya ba sa karatun boko sosai. In na tura irin wannan dogon rubutu yaro za su ba ya karanta musu.

Ɗan Apapa:
Gaskiyarki, wannan matsala ce. A nan sai ki rubuta, sannan ki karanta shi da bakinki a saƙon murya, shi kuma ya maimaita adadin da farashin da bakinsa ya ce ya sallama. Maimaitawar ita ce muhimmiya. In ya ce "to shi ke nan" kawai, an koma gidan jiya.

Malam na Idi-Araba:
Allah ya saka da alheri. Wanda yake jin kunyar ya ce a rubuta, don kada a ce bai yarda da ɗan'uwansa ba, ya tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kuma hadisin Ibn Abbas a Bukhari da Muslim ya ce wanda zai biya kuɗi kafin kaya, ya yi a kan sanannen awo, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya gabanka idan an siffanta shi, kuma in ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye yana da zaɓin ya mayar. Don haka siffar da Ɗan Apapa ya rubuta, manya, sabon girbi, gyararre, ita ce hujjarka. In ba a faɗe ta ba, da me za ka ce an saɓa?

Mai Wake na Mile 12:
Na gode ƙwarai. Zan kira shi na ba shi haƙuri. Saura tambaya ta biyu, ita ce ta fi hana ni barci. Marigayi ko miliyan nawa na tura masa ina kwana da minshari. Wannan fa?

Yaron Shago, Alaba Rago:
Ka duba sunan kamfaninsa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. In babu, kada ka tura.

Lauya na Ikeja:
Dubawar ba laifi, kyauta ce, amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. Rajista tana nuna cewa sunan yana nan, ba ta nuna akwai wake a sito. Kuma manyan 'yan kasuwa da yawa a kasuwannin hatsi da sunansu na yanka suke harka, ba su da kamfani, amanarsu kuwa ta fi ta masu takarda. Abin da ya fi amfani shi ne sunan da banki zai nuna maka kafin ka danna tura kuɗi. Ya zama sunan mutumin da maƙwabcinka ya sani. In ya ce tura ta asusun yarona ko na ƙanina, ya rubuta hakan da kansa a cikin hirar, ya ambaci sunan da lambar.

Game da hujja: kotunan Najeriya suna karɓar saƙonnin waya da imel, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ne ya tsara hakan, amma akwai sharuɗɗa, har da takardar da ke bayyana na'urar da aka fitar da saƙon daga cikinta. Saboda haka kada ka yar da wayar, kada ka goge hirar. Ka sani a WhatsApp mutum yana iya gyara saƙonsa cikin minti 15, yana iya goge shi daga ɓangarorin biyu har wajen kwana biyu, kuma akwai saitin da ke sa saƙonni su ɓace da kansu bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Ka tabbata wannan saitin a kashe yake. Da ya rubuto "na sallama", ka ɗauki hoton allon, ka kuma yi Export chat ka aika wa kanka ta imel.

Sai dai in faɗa maka gaskiya a matsayina na mai zuwa kotu, shari'a tsakanin Legas da Kano a kan buhunan wake za ta ci lokaci da kuɗin da ba za ka so ba. Hujja ta fi amfani a gaban shugabannin kasuwa, inda ake sasanta irin wannan cikin kwanaki.

Alhajin Agege:
Lauya ya faɗi gaskiya. Yarda ba a aiko ta a waya, gina ta ake yi da kaɗan-kaɗan, kuma kowane mataki ya zama abin da za ka iya tabbatarwa ta wata hanya ban da bakin mutumin.

Fara da maƙwabcinka. Kada ya tsaya a ba da lamba. Ku yi kira ku uku, ya ce wane ga wane, na san shi shekara kaza, in ya ci amanarka ni ka tambaya. Da can wannan shi ne aikin fatoma, baƙo ya sauka a gidansa, shi ne jinginar kowa. Wanda ya haɗa ku ya san sunansa na ciki, shi ma mai siton ya san in ya yi ba daidai ba labari zai iso Mile 12 kafin motar ta iso.

Bayan haka kada ka fara da 120. Ɗauki buhu 20 a sa maka a motar haɗaka. A 97,500 ya kama naira 1,950,000. In abin ya lalace za ka ji zafi amma ba za ka rufe shago ba. Kuma ka nemi mutum naka a Kano, ko dillali ne ka biya shi la'ada, ya je siton da ƙafarsa. Ya zaɓi buhu uku da kansa, ba waɗanda aka nuna masa a gaba ba, a soka a ga cikin, a ɗora a sikeli. Wake yana da abubuwa uku da hoto ba ya nunawa: huji na ƙwari, tsakuwa da ƙasa a gindin buhu, da ragin nauyi. Buhun da aka ce 100 ne ya zo 94, a kan buhu 120 ka yi asarar kilo 720, fiye da buhu bakwai. Wannan ya fi dubu ɗayan da kuke ja a kai nesa ba kusa ba.

Idan na farko ya zo daidai, ka kira shi ka gaya masa ya zo daidai, ka cika masa kuɗinsa a ranar, ko awa ɗaya kada ka ƙara a kan alkawari. Ka tuna shi ma tsoronka yake ji. A wajensa kai ne baƙon da ke Legas wanda zai iya karɓar kaya ya kashe waya.

Direban Tirela:
Baba ya yi daidai. Mu da muke hanya muna gani. Ranar lodi a yi kiran bidiyo kai tsaye, ba bidiyon da aka ɗauka aka turo ba, don tsohon bidiyo kowa yana da shi. Ka ce a juya waya ka ga lambar mota, ka ga fuskar direba, ka karɓi lambar wayarsa daga bakinsa. A rubuta alamarka a jikin buhunan da fenti ko maka kana kallo. Sai a ɗauki hoton webil, wato takardar kayan da aka loda, a turo. Kuma don Allah in direba ya yi shiru na wasu sa'o'i kada a fara zagi a saƙo. Akwai wuraren da babu sabis, ga shingaye, ga lalacewar mota. Kano zuwa Legas da kaya kwana biyu ne zuwa uku in lafiya.

Dubu 60 ɗinka kuma, ka kira direban ka ce ya riƙe maka zuwa lodi na gaba. Yawancinmu za mu yarda in an yi mana magana da mutunci tun kafin ranar tashi.

Ɗan Apapa:
Ƙari ɗaya, don ya taɓa faruwa da wani da nake yi wa aiki. Sun yi wata huɗu suna ciniki lafiya da mai ba shi kaya, sai saƙo ya zo cewa asusunmu ya samu matsala, ga sabo. Salon rubutun iri ɗaya, har gaisuwar. Ashe an shiga imel ɗin mutumin ne, a wurin Reply-To an sa wani adireshi da ya bambanta da harafi ɗaya. A WhatsApp ma ana yi, a yaudari mutum ya ba da lambobi shida da aka turo masa, a ƙwace layin hirarsa, a bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya. Duk ranar da lambar asusu ta canja, ko wa ya turo, ka kira tsohuwar lambar da ka sani ta layin waya, ka ji muryarsa, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani. Yarda in ta yi ƙarfi a nan ne mutum yake sakin jiki.

Uwar Biyu, Balogun:
Ni fa ina ganin in aka bi duk wannan, mutumin zai ce ana tuhumarsa. Bahaushe da ka ce a auna a gabanka, ka ce a nuna maka lambar mota, sai ya ce ka ɗauke shi ɓarawo. Na taɓa rasa mai ba ni kaya a kan na ce ta ɗauki hoton rasit.

Alhajin Agege:
Hajiya, ya danganta da lokacin da aka faɗa da bakin da aka faɗa da shi. In ka bari sai ana lodi ka ce a auna, tuhuma ce. In tun kiran farko ka ce Alhaji, ni haka nake yi da kowa, har marigayi, kuma kai ma ga sunan shugaban layinmu a Mile 12 ka tambaye shi ni wane ne, ka ga ka fara miƙa naka wuyan. Mai gaskiya ba ya ƙin sikeli.

Uwar Biyu, Balogun:
Allah ya sa. Amma ni na ga masu gaskiyar da suka ƙi, don zuciya.

Mai Wake na Mile 12:
Jama'a ga yadda aka yi. Jiya bayan la'asar maƙwabcina ya haɗa mu a kira. Na yi gaisuwa yadda ta kamata, na ce Alhaji na yi kuskure, a mota nake, kuma ban gane 98 ɗin har da kuɗin mota ba ne. Ya yi shiru kaɗan, sai ya ce shi ma ya ɗauka 90 ɗin har Legas nake nufi, ya ce da ya sani da bai sayar wa wani ba. Ashe ya san marigayi, sun yi maƙwabtaka a layi ɗaya, mun ɗan jima muna maganarsa.

Wancan kayan sun tafi da gaske. Akwai wani zai shigo masa ranar Alhamis, amma ya ce kasuwa ta motsa, 99 ne yanzu har Mile 12. Mun tsaya a 98,500 a kan buhu 20, na rubuta kamar yadda Ɗan Apapa ya nuna, ya amsa da saƙon murya ya maimaita adadin ya ce ya sallama. Ya yarda ɗan yayata da ke Kurna ya je ya ga awo.

Inda muka tsaya shi ne biya. Na ce zan ba da kashi ɗaya cikin uku a fara, sauran in an sauke. Ya ce shi bai taɓa sakin kaya ga wanda bai sani ba sai kuɗi sun cika, ko buhu ɗaya ne. Naira 1,970,000 ke nan gaba ɗaya kafin mota ta tashi.

Lauya na Ikeja:
Ni ba zan biya duka ba. Ka nemi rabi bayan ɗan yayarka ya ga awo, rabi in webil ya fito kuma ka yi magana da direba.

Alhajin Agege:
A buhu 20, da shaidar maƙwabcinka, da yaronka tsaye a wurin, ni zan biya. Amma ba kafin ranar lodi ba. Yaron ya ga an auna, an sa alama, an ɗora a mota, sannan ya kira ka ka tura yana tsaye a gaban Alhajin har alat ya shigo. Abin da za ka nema a madadin haka shi ne ya rubuta cewa in nauyi ya gaza a sikelin Mile 12, zai cire a kaya na gaba.

Mai Wake na Mile 12:
Sikelin wa za a bi in na Dawanau da na nan suka saɓa? Na marigayi da nawa kan bambanta da kusan kilo ɗaya a buhu, ba mu taɓa yin magana a kai ba.

Direban Tirela:
Wannan ku yanke shi kafin Alhamis. Ku sa a rubuce cewa kilo ɗaya a buhu an yafe, abin da ya haura shi ne za a cire. Kuma ka tambaye shi ko motar haɗakar a Mile 12 za ta fara saukewa ko sai ta biya wata kasuwar, don in ta kwana a wani wuri, ranar da ka yi wa masu abincinka alkawari za ta goce.